Daga Tarin Inbois Zuwa Fayil Ɗaya: Inda Na'ura Ke Karatu, Inda Akanta Ke Yanke Hukunci

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin akanta a kamfanonin Sharaɗa ko Bompai a kwanakin ƙarshen wata ya san yadda teburin yake zama. Takardun neman biya, waɗanda 'yan kasuwa ke kira inbois, sun taru har sun rufe madannin kwamfuta. Wata an buga ta tsaf da firinta, wata kwafin kabon ce mai launin shuɗi da aka yago daga littafi, wata kuma hoto ce da direba ya ɗauka a cikin mota ya turo ta waya, yatsansa ya rufe kusurwa ɗaya. Kowace daga cikinsu bashi ne a wuyan kamfani, kuma dole ta shiga manhajar lissafi kafin a rufe littafin watan.

A da, sai ma'aikaci ya zauna ya shigar da su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Yanzu ofisoshi da yawa sun koma saka takardun a sikana, su bar wata manhaja ta karanta rubutun da ke cikin hoton, sannan a tattara abin da ta karanto a fayil guda a loda wa manhajar lissafi lokaci ɗaya. Masu tallar irin waɗannan manhajoji kan nuna kamar aikin danna maɓalli ne kawai. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin abubuwa ukun da akanta ya fi buƙata daga kowace takarda: lambar inbois, harajin da za a riƙe, da sharaɗin biya. Kowanne da irin halinsa. Lambar kwafe ta ake yi. Harajin lissafa shi ake yi. Sharaɗin biya kuwa sai an fassara shi. Na'urar karatu ta iya na farko ne kaɗai, shi ma ba kullum ba.

A ɗauki misalin takarda guda, a bi ta tun daga sikana har cikin littafi. Wani kamfanin sarrafa shinkafa ya sayi batura da inbata daga wani dila, kamfani mai rajista wanda sayowa yake yi ya sayar, ba shi ke ƙera kayan ba. A saman takardar an buga lamba `004817` da kwanan wata `03/04/2025`. Layin farko kuɗin kaya ne, naira 1,800,000. Layi na biyu kuɗin shawarar injiniyan da ya auna wutar da masana'antar ke ci ya zana tsarin, naira 400,000. Jimilla 2,200,000. An ɗora harajin `VAT` na kashi 7.5 cikin ɗari, wato 165,000, abin biya ya kama 2,365,000. Can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta `Net 30`. Wani ya buga hatimin karɓar kaya a kai mai ɗauke da ranar 10 ga Afrilu, kuma gefen hatimin ya hau kan lambar.

Matakin farko shi ne hoton kansa. Abin da sikana ke fitarwa ɗigo-ɗigo ne na baƙi da fari, kwamfuta ba ta san akwai harafi a ciki ba. Fasahar da ke mayar da ɗigon nan rubutu ita ake kira `OCR`, kuma ba sabuwa ba ce. Ɗaya daga cikin manhajojinta da aka fi sani, Tesseract, a kamfanin HP aka fara gina ta tun shekarun 1980, aka sake ta kyauta ga kowa a 2005. Abin da take so shi ne hoto mai kaifi, kuma ma'aunin da aka saba bi shi ne a saita sikana a kan `300 dpi`, wato ɗigo ɗari uku a kowane inci. Hoton da ya bi ta WhatsApp a matsayin hoto yakan iso a matse, an rage masa kaifi don ya yi saurin tafiya, shi ya sa akantan da ya san aikinsa ke cewa a turo masa a matsayin takarda, ko a kawo ta asalin. Takardar da ta karkace, ko aka naɗe ta huɗu a aljihu, ko irin ta injin kanti da rubutunta ke dusashewa idan ta sha zafi, duk suna ba na'urar wahala.

Akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba. Manhajar ba ta bayar da rubutu kawai, tana iya faɗin yadda ta amince da kowace kalma da ta karanta:

```
tesseract inbois.png fita -l eng tsv
```

Wannan umarni yana fitar da fayil mai suna `fita.tsv`, wanda ke da ginshiƙi mai suna `conf`. A nan kowace kalma ke samun maki har zuwa ɗari. Kalmar da ta samu casa'in da wani abu, na'urar ta natsu da ita. Wadda ta samu arba'in, lalube ta yi. Ofis mai tsari yakan sa iyaka, duk abin da ya gaza ta a ware shi mutum ya duba da idonsa. Amma maki mai yawa ba rantsuwa ba ne, na'ura kan yi kuskure tana cike da tabbaci.

To, ga lambar inbois. Ita ce ta fi kama da abu mai sauƙi, ita ce kuma ta fi cin amana. Matsalar farko ita ce gane wace ce ita a cikin lambobin da suka cika takardar. Inbois ɗin ɗan kasuwar Nijeriya yakan ɗauki lambar rajistar kamfani mai farawa da `RC`, da lambar shaidar haraji ta `TIN`, da lambar asusun banki mai alƙaluma goma, da lambar waya mai goma sha ɗaya, da lambar odar da mai saye ya bayar, da ta webil. Manhajar tana neman kalmar da ke kusa, kamar `Invoice No` ko `Inv #`, ta ɗauki abin da ke damanta ko ƙarƙashinta. A littattafan da ake bugawa a maɗaba'un cikin gari kuwa, sau da yawa lambar tana tsaye ita kaɗai da jan tawada a kusurwa, babu kalmar da ke gabatar da ita. Nan ne manhaja ke ɗauko lambar webil ta ajiye a gurbin inbois, kuma ba wanda zai lura sai ranar da dila ya zo da nasa lissafin aka rasa inda za a haɗa.

Matsala ta biyu kamannin haruffa ne. Sifili da harafin O, ɗaya da harafin I, biyar da S, takwas da B, a idon na'ura 'yan gida ɗaya ne. A takardarmu, inda hatimi ya taɓa lambar, `004817` na iya fitowa `OO4817` ko `0048I7`. Da a ce kuɗi ne aka karanta ba daidai ba, lissafi zai tona asiri, domin layuka ba za su haɗu su ba da jimilla ba. Lambar inbois ba ta da wannan gatan. Ba a tara ta da komai, ba a ɗebe ta daga komai. Abin da ke cetonta shi ne tarihin dilan: idan takardunsa na baya `004790` ne da `004802`, to an san lambobinsa alƙaluma shida ne zalla, kuma duk abin da ya zo da harafi a ciki abin tuhuma ne.

Matsala ta uku ba laifin na'urar karatu ba ce sam. Excel ne ke jawo ta, kuma ta ɓata wa akantoci rai fiye da kowace. Idan aka danna fayil ɗin `CSV` sau biyu ya buɗe kai tsaye, Excel yakan ɗauki duk abin da ya yi kama da adadi a matsayin adadi. Sai `004817` ta koma `4817`, sifilai biyun sun tafi. Lamba irin `3-25` ta koma kwanan wata. Wadda ta wuce alƙaluma goma sha biyar kuma, na ƙarshenta su koma sifili. Da zarar an adana fayil ɗin a haka, ɓarnar ta zauna. Maganin shi ne a shigo da fayil ta hanyar `Data` sannan `From Text/CSV`, a sanya ginshiƙin lambar a matsayin `Text`, ko kuma a bar buɗe shi da Excel gaba ɗaya.

Me ya sa ake wannan tsanani a kan sifili biyu? Saboda biya sau biyu. Manhajar lissafi tana gane takardar da aka riga aka shigar ne ta hanyar haɗa sunan dila da lambar inbois. Ranar Litinin hoton waya ya iso aka shigar da shi `4817`. Bayan mako biyu takardar asali ta iso tare da direba aka shigar da ita `004817`. A wurin manhaja waɗannan basussuka biyu ne daban, kowanne naira 2,365,000. Idan mai sa hannu a kan biya yana sauri, kamfani ya biya kuɗin batura sau biyu, kuma karɓo kuɗi daga hannun ɗan kasuwa ya fi tura masa wuya nesa ba kusa ba. Lambar ita kaɗai ma ba ta isa shaida ba, domin diloli biyu na iya samun lamba iri ɗaya, tunda kowa daga ɗaya ya fara littafinsa.

Sai harajin da ake riƙewa, wanda takardu ke rubutawa `WHT`. A nan ne masu sayen manhaja ke shan mamaki, domin a mafi yawan inbois babu shi a rubuce. Ba dila ne ke cire shi ba. Doka ta ɗora wa mai biya ne ya rage wani kaso daga kuɗin, ya kai wa hukumar haraji da sunan dilan, dilan kuma ya samu shaidar da za a rage masa daga harajinsa na shekara. Ba ƙarin kuɗi ba ne a kan kowa, kafin alƙalami ne na harajin mai kaya. Saboda haka na'urar da ke neman kalmar a takarda za ta dawo hannu rabbana, ta bar gurbin babu komai, wanda bai sani ba ya ɗauka babu abin riƙewa.

Ƙa'idar da ta fara aiki a Nijeriya ranar 1 ga Janairun 2025 ta sauya adadin da aka daɗe da sani. Ga kamfanin cikin gida, kawo kaya ya koma kashi 2 cikin ɗari. Kuɗin shawara da aikin ƙwararru kashi 5. Hayar gida ko fili kashi 10. Kayan da wanda ya ƙera su ya sayar da kansa ba a riƙe komai a kansu, haka ma cinikin kanti na ba-ni-in-ba-ka. Idan kuma mai kawo kaya ba shi da lambar `TIN`, a ninka masa adadin. Kowanne daga cikin waɗannan tambaya ce da hoto ba zai amsa ba. Wannan dilan shi ke ƙera baturan ko sari yake yi? Layin nan kaya ne ko aiki? Amsar tana cikin rajistar masu kawo kaya da ofis ke ajiyewa, inda aka rubuta wa kowane dila matsayinsa da lambarsa da adadin da ya hau kansa. Na'ura ta kawo kuɗin, rajista ta kawo kason, sannan a yi lissafi.

A takardarmu lissafin haka yake. Kashi 2 na 1,800,000 shi ne 36,000. Kashi 5 na 400,000 shi ne 20,000. Abin riƙewa ya zama 56,000, dila ya karɓi 2,309,000. A lura, daga kuɗin kaya da na aiki aka cire, ba a taɓa `VAT` ba, domin ba a ɗora haraji a kan haraji.

Yanzu a duba yadda abin ke karkacewa. Manhajar da aka saita ta ɗauko adadi mafi girma a takarda za ta kamo 2,365,000. Ma'aikacin da ya saba da tsohon ƙa'ida ya buga kashi 5 a kan duka, ya samu 118,250. An riƙe wa dila naira 62,250 fiye da kima a takarda ɗaya tak. Gobe da safe yana bakin ofis, kuma yana da gaskiya. Idan aka karkata ɗaya ɓangaren aka riƙe ƙasa da abin da ya kamata, ko aka ƙi riƙewa, to kamfanin ne zai amsa tambaya ranar da jami'an haraji suka zo bincike. Da a ce dilan nan ba shi da `TIN`, da abin riƙewa ya zama 112,000. Shi ya sa fayil mai kyau ba ya tsayawa a jimilla, yana ɗauko kowane layi daban.

Wani lokaci dila kan taimaka ya rubuta harajin da kansa a ƙasa, `Less 5% WHT`. Na'ura za ta karanta shi da murna. Akanta mai hankali yakan ajiye wannan adadi a ginshiƙi daban don kwatantawa, ba ya ɗaukarsa hukunci, saboda littafin inbois da aka buga shekaru uku da suka wuce bai san an sauya doka ba.

Kuɗaɗen da kansu suna da tasu jarrabawar, kuma mai sauƙi ce. Layuka su haɗu su ba da ƙaramar jimilla. Kashi 7.5 na abin da haraji ya hau kansa ya yi daidai da `VAT` ɗin da aka rubuta. Biyun su haɗu su ba da babbar jimilla. Idan na'ura ta karanta 1,800,000 a matsayin 1,300,000, nan take lissafi zai gaza da dubu ɗari biyar, takardar ta faɗa kwandon dubawa. Alamar naira ma tana da nata rikicin: mai layi biyu a tsakiya takan fito `N` ko `#` ko wani harafi can, wani lokaci ta manne da adadin. Dole a share ta, a share waƙafin da ke raba dubbai, tunda a fayil ɗin `CSV` waƙafi shi ne katangar da ke raba ginshiƙi da ginshiƙi. Adadin da aka bari `1,800,000` ba tare da alamar zance ba zai tsage gida uku, ya ture duk abin da ke gabansa zuwa gurbin da ba nasa ba.

Saura sharaɗin biya. Manhajar lissafi ba ta damu da kalmomin da aka rubuta ba, rana take so. `Net 30` na nufin a biya duka cikin kwana talatin daga ranar inbois, don haka 3 ga Afrilu ta kai mu 3 ga Mayu. Sai dai wannan ya dogara ga yadda aka karanta `03/04/2025`. A Nijeriya rana ake fara rubutawa sannan wata. Manhajar da aka bari a saitin Amurka wata take fara karantawa, sai ta ce 4 ga Maris. Ƙara kwana talatin a kan haka, sai ranar biya ta faɗo 3 ga Afrilu, wato ranar da aka rubuta takardar. Tun kafin kaya su iso, allo ya nuna bashi ya nuna. Abin da ke sa kuskuren nan wuyar kamawa shi ne ba ya faruwa ga kowace takarda. Duk ranar da ta wuce 12 ga wata ba ta juyuwa, tunda babu wata na goma sha uku. Sai a samu fayil rabinsa daidai rabinsa a birkice. Hanyar tsira ita ce a rubuta shekara, wata, rana, kamar `2025-04-03`, ko a bi ainihin tsarin da manhajar ta nema a takardar samfurinta.

Ba duk sharuɗɗa ke da tsabtar `Net 30` ba. Akwai `2/10 Net 30`, wato rangwamen kashi 2 ga wanda ya biya cikin kwana goma, in ba haka ba a biya duka a talatin. Na'ura kan ɗauki `2/10` ɗin nan a matsayin kwanan wata. Akwai masu ƙirga kwanakin daga ƙarshen wata. Akwai masu ƙirgawa daga ranar sauke kaya, kuma da haka aka yi da dilanmu, da hatimin 10 ga Afrilu ne zai yi aiki, ranar biya ta koma 10 ga Mayu. Ga kuma abin da ya fi yawa a kasuwanninmu: takarda ba ta ce komai ba, an yi magana ne baki da baki tsakanin Alhaji da manaja, ko an rubuta sharaɗin a takardar oda. Idan inbois ya ce kwana goma sha huɗu, yarjejeniyar da aka sa wa hannu ta ce talatin, wannan ba rikicin da manhaja za ta raba ba ne. Abin da ya dace shi ne fayil ya ajiye kalmomin yadda aka rubuta su a ginshiƙi ɗaya, ranar da aka lissafa a wani, don mai bincike ya ga daga inda aka samo ta.

Idan an gama duk wannan, takardar da ta cika shafi guda takan koma layi biyu:

```
Supplier,InvoiceNo,InvoiceDate,DueDate,Terms,Item,Net,VAT,WHTRate,WHT
DILA01,004817,2025-04-03,2025-05-03,Net 30,Kaya,1800000,135000,2,36000
DILA01,004817,2025-04-03,2025-05-03,Net 30,Shawara,400000,30000,5,20000
```

Sunayen ginshiƙan sun bambanta daga manhaja zuwa manhaja. Xero, alal misali, tana ba da samfurinta mai ginshiƙai irin su `*ContactName` da `*InvoiceNumber` da `*DueDate`, tauraron yana nuna wanda ba a barinsa babu komai, kuma layukan da ke da lamba ɗaya tana haɗe su su zama takarda ɗaya. Sage da QuickBooks kowacce da nata tsarin. Da yawansu ba su da gurbin harajin riƙewa irin na Nijeriya a fayil ɗin shigarwa, don haka akantoci kan shigar da bashin cikakke, 2,365,000, sai ranar biya su raba shi: 2,309,000 daga banki, 56,000 zuwa wani asusu na kuɗin hukuma da ke hannun kamfani. Kuskure ne a shigar da bashin a ragen tun farko, domin littafin kamfani ba zai ƙara dacewa da na dila ba.

Kafin a loda ɗaruruwan layuka, masu ƙwarewa kan gwada da takarda biyar, su buɗe kowace a cikin manhajar su kwatanta da hotonta. Sukan kuma ƙirga: takarda nawa aka saka a sikana, nawa suka fito a fayil, jimillar kuɗinsu nawa a kalkuleta, nawa a allo. Sikana na jan takarda biyu a manne lokaci ɗaya, musamman siraran kwafin kabon, kuma wadda ta ɓuya a bayan 'yar'uwarta ba ta barin wata alama. Hoton kowace takarda ana sa masa suna da lambar dila da ta inbois, a ajiye, saboda ranar da odita zai ce a nuna masa.

Rubutun hannu har yanzu shi ne iyakar wannan fasaha a ofisoshinmu. Littafin da mai shago a Kantin Kwari ko Singa ya cike da biro, ya soke wani adadi ya rubuta wani a samansa, gara mutum ya shigar da shi kai tsaye da a ɓata lokaci ana gyaran abin da na'ura ta lalubo. Hukumar harajin tarayya ta fara tsarin inbois na lantarki a 2025, ta soma da manyan kamfanoni masu cinikin naira biliyan biyar zuwa sama a shekara, kuma a irin wannan tsari bayanan suna tafiya ne daga kwamfuta zuwa kwamfuta ba tare da hoto ba. Ƙananan diloli kuwa suna nan da littattafansu da hatiminsu.

Ita kuwa naira 56,000 ɗin nan ba ta kamfanin shinkafa ba ce, ajiya ce. Tunda dilan kamfani ne, hukumar tarayya za a kai wa, kuma wa'adin shi ne 21 ga watan da ke bin wanda aka riƙe kuɗin. Idan an biya dila a watan Mayu, kuɗin su isa hukuma zuwa 21 ga Yuni, a kuma ba dila shaidar abin da aka riƙe masa.